Yadda ake daidaita faɗin tasha, ƙarfin siginal da MTU a rauta ba tare da an ɓata ta ba

Kawuna yana da shagon kwafi da cike fom a saman wani bene a Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Kwamfuta huɗu ne a shagon, da firinta ɗaya mai aiki da wayifai, da na'urar cirar kuɗi. Intanet ɗinsu na sim ne. Modem ɗin yana ɗaure a jikin ƙarfe a saman rufi, an janyo kebul daga can zuwa wata rauta mai eriya biyu da ke bisa kanta, ita ke raba wa kowa.

Wata Asabar da hantsi ya kira ni.

"Kai ɗan nan, zo ka duba mana abin nan. Tun jiya in an zo ɗora hoto sai ya yi ta juyi, mutane sun cika mani shago."

"To Kawu, me aka taɓa?"

"Ba abin da aka taɓa."

Da na isa na buɗe shafin rautar, sai na waiwaya na dubi autansa da ke tsaron shagon. Bai bari na tambaya ba. "Wallahi Yaya, ƙara mata gudu kawai na yi." Abu uku ya canza a dare ɗaya. Ya kai Channel Width zuwa 40MHz, ya kai Transmit Power zuwa High, sannan ya ga wata lamba a gaban MTU da bai gane mata ba, ya goge ta ya rubuta 1500 don ya ji an ce ita ce daidai. Ko wace lamba ce a wurin da farko, ya manta. Garin neman gira aka rasa ido.

Waɗannan ukun su ne aka fi ɓatawa, kuma tunani ɗaya ne ke jawo ɓarnar: wai babbar lamba ita ce gudu. Ga yadda muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Lambobin da muka samu na wannan shagon ne, hanyar gano su ce za ta yi maka aiki a naka wurin.

Kafin ka taɓa komai

Haɗa laftof ɗinka da rautar da kebul, a ɗaya daga cikin ramukan da aka rubuta wa LAN. Duk lokacin da ka canza saitin wayifai, rautar tana kashe shi ta sake kunnawa, kuma in ka zaɓi abin da wayarka ba ta iya gani, ka rufe wa kanka ƙofa ke nan. Kebul ba ruwansa da wannan. Adireshin shiga yana rubuce a ƙarƙashin rautar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu kuma 192.168.8.1.

Kana shiga, ɗauki hoton kowane shafi da za ka taɓa. In akwai wurin da aka rubuta Backup, ajiye fayil ɗin saitin a kwamfutarka. Da autan Kawu ya yi wannan, da aikin minti biyu ne.

Sai ka auna halin da ake ciki, don ka san ko abin da ka canza ya gyara ko ya ɓata. Cire kebul ɗin na ɗan lokaci, ka hau wayifai, ka zauna inda aka saba aiki, ka buɗe Command Prompt ka rubuta wannan, da adireshin taka rautar:

```
ping -n 50 192.168.0.1
```

Wannan gwajin bai fita intanet ba, tsakanin kwamfutarka da rautar ya tsaya, shi ya sa yake raba gardama. In wayifai lafiya yake, amsa ba ta cika wuce milisakan 10 ba, kuma ba ko ɗaya da ke ɓata. A shagon Kawu 6 cikin 50 sun ɓata, Average ya nuna 140ms, alhali kwamfutar tana taku huɗu daga rautar. Tun nan na san cewa ba kamfanin layi kaɗai ake zagi a banza ba, har da hazo, wanda Kawu ya fara ɗora wa laifi. Ƙura ba ta hana wayifai yawo a cikin ɗaki.

Faɗin tasha

Wayifai rediyo ne, kuma yana da tashoshi, su ne ake rubutawa Channel. A zangon 2.4GHz tashoshin daga 1 zuwa 13 ne, tazarar da ke tsakanin kowace da mai bi mata megahaz 5 ce kacal, ita kuwa rauta in za ta yi magana tana cin faɗin megahaz 20. Wato wanda ya zauna a tasha ta 6 ya shimfiɗa tabarmarsa har kan ta 4 da ta 8. Shi ya sa tashoshi uku ne kawai ba sa taka juna: 1, 6 da 11.

In ka ce 40MHz, rautar ta haɗa tasha biyu ta mai da su ɗaya. Zangon gaba ɗaya bai kai megahaz 84 ba, ka ga ta cinye kusan rabinsa. A kan 6 ta Kawu take, ta haɗa da 10, don haka duk maƙwabcin da ke kan 6 da duk wanda ke kan 11 sun zama abokan zamanta. Ka'idar wayifai kuwa ita ce a saurara kafin a yi magana. In na'ura ta ji wani yana magana a tashar, sai ta dakata, in kuma biyu suka yi karo, kowa ya sake daga farko. Da ka faɗaɗa tasharka, ka ƙara yawan waɗanda za ka jira ne.

Don ka ga maƙwabtanka, a Windows rubuta:

```
netsh wlan show networks mode=bssid
```

Zai jero kowane wayifai da kwamfutar ke ji, da Signal ɗinsa da Channel ɗinsa. A wayar Android kuma akwai manhajojin duba wayifai da ke zana su kamar tuddai, sai dai sai ka kunna Location kafin su nuna komai. A benen nan mun ƙirga 14, galibinsu wayoyin masu shaguna ne da suka kunna rabon data, da ƙananan modem na aljihu. Yawansu ba shi ne abin dubawa ba, ƙarfinsu ne. Maƙwabci ɗaya mai ƙarfi a bayan bango ya fi biyar masu rauni a ƙasan bene damunka. Masu ƙarfin sun taru a 1 da 6, ta 11 tana da uku amma duk can nesa.

Na shiga Wireless, na mai da Channel Width zuwa 20MHz, na cire Channel daga inda yake na sa 11, na danna Save. Muka sake gwajin nan na 50. Ba wanda ya ɓata, Average ya sauko 8ms.

Auta bai gamsu ba, don kafin nan kwamfutar tana nuna masa 150 Mbps, yanzu ta koma 72. Gaskiyarsa, lambar ta ragu. Na'ura mai eriya ɗaya a tsarin 802.11n tana nuna 72 a faɗin 20, tana nuna 150 a faɗin 40. Amma wannan lambar saurin maganar rediyo ce a daidai lokacin da ta samu filin magana, ba abin da ke isowa hannunka ba. Abin da ke isowa kamar rabinta ne in tashar shiru take, in kuwa cike take ba ya ko kusa. Kuma layin sim ɗinsu, in ya yi kyau da sassafe, megabit 15 yake bayarwa. Rabin 72 ma ya ninka wannan. Faɗin 40 ba abin da zai ƙara wa layin da bai kai ba, cunkoso kawai ya sayo.

Akwai hasara ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Ƙarfin da rautar ke fitarwa ɗaya ne, in ka ninka faɗin tashar sai ƙarfin ya bazu, hayaniyar da kunnenta ke kwasa kuma ta ninka. Saboda haka tasha mai faɗi ba ta kai nisan mai ƙunci. Ɗakin da ke gefen iyaka, wanda da ƙyar yake kamawa a 20, shi zai fara faɗuwa a 40.

Ni a 2.4GHz ban taɓa barin kowa a 40 ba, sai in gidan gona ne da ba kowa kusa. Auto ma ban cika yarda da shi ba a wurin cunkoso, don wasu rautocin sukan haye 40 da dare lokacin da shaguna suke rufe, su zauna a can. Tasha ta 12 da 13 kuma a yi hattara da su: wasu laftof na hannu da aka yi don kasuwar Amurka ba sa ganinsu sam, sai ka ga sunan wayifai ya ɓace a kwamfuta ɗaya alhali kowa yana gani.

In rautarka tana da 5GHz, can fili ya fi yawa, kuma siginal ɗin ba ya ratsa bango sosai, don haka na maƙwabta ba sa isowa da ƙarfi. A can 40MHz zaɓi ne mai kyau, 80MHz ma ba laifi in ba ka ga kowa kusa ba. Tasha 36, 40, 44 da 48 su ne ke haɗuwa su ba da 80 guda ɗaya. Daga 52 zuwa 64, da kuma daga 100 zuwa 140, tashoshi ne da ake rabawa da na'urorin rada masu hango jiragen sama da yanayi, don haka rauta sai ta yi shiru na minti ɗaya ko fiye tana saurare kafin ta fara aiki a kansu, kuma in ta ji abin da ya yi kama da rada sai ta tashi ta bar tashar, kowa ya yanke. Wanda ya zaɓi 160MHz ya shiga cikinsu ko bai so ba. In bayan ka danna Save sunan 5GHz bai dawo nan take ba, jira minti biyu kafin ka ce ta lalace. Firinta da na'urar cirar kuɗi da yawa 2.4GHz kawai suka sani, don haka kada ka kashe shi don ka samu 5GHz.

Ƙarfin siginal

Ka tuna lasifikar masallaci. Kana Ƙofar Ƙwaya ka ji kiran salla daga unguwar da ba taka ba, amma in ka amsa, ladanin ba zai ji ka ba. Haka Transmit Power yake. Muryar rautar yake ƙarawa, bai ƙara mata kunne ba, bai kuma ƙara wa wayarka murya ba. Waya tana aiki da ƙaramin batir da 'yar eriya a cikin jikinta, ba ta iya ihu irin na rauta. Sandunan da kake gani a saman allo kuwa ƙarfin jin da wayar ke yi wa rauta suke nunawa, ba jin da rauta ke yi wa waya ba. Daga nan ake samun abin da ke haukata mutane: sanda uku a tsaye, saƙo ya ƙi tafiya.

Ana auna wannan ƙarfin da dBm. Rauta mai fitar da 20 dBm tana fitar da miliwat 100, in ka rage 3 ya zama 17 ka raba shi biyu, miliwat 50. A ɓangaren waya lambar tana zuwa da alamar ragi, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi. Kusa da rauta za ka ga kamar -45. Har zuwa -67 kiran bidiyo yana tafiya lafiya. Daga -75 an fara wahala, -80 kuwa sunan wayifai kawai ya rage.

Abin da High ya jawo a shagon Kawu sai da na leƙa shafin da ke jero na'urorin da ke haɗe na gane shi. Goma sha ɗaya ne, alhali na shagon shida ne. Sauran biyar wayoyin ƙasan bene ne, wurin mai shayi da masu jiran keke, waɗanda aka taɓa ba lambar sirri lokacin da suka hau cike fom. Da ƙarfin yana matsakaici, suna sauka wayifai ke sakinsu. Da aka kai shi ƙarshe, sai wayoyinsu suka riƙa maƙalewa daga can ƙasa. Datar da suke sha ba ita ta fi damuna ba. Waya mai nisa a hankali take magana, kuma rabin abin da ta faɗa sai ta maimaita, duk tsawon wannan lokacin kuwa kwamfutocin shago shiru suke suna jiran ta gama. Waya ɗaya a -80 tana iya cinye lokacin da kwamfuta uku za su yi aiki da shi.

Yadda ake zaɓar ƙarfin ba wuya. Fara tantance wuri mafi nisa da kake so a yi aiki a cikinsa. A nan ɗan ɗakin ciki ne inda firinta take, bayan bangon bulo ɗaya. Tsaya can da waya mai manhajar duba wayifai, wani kuma ya zauna gaban kwamfutar da ke kan kebul yana rage ƙarfin mataki ɗaya ɗaya. A High mun ga -52. A Middle -58. A Low -69, kuma firintar ta fara jinkirin karɓar aiki. Muka koma Middle muka tsaya. Abin da ake nema shi ne mataki mafi ƙasa da zai bar wurin nan mai nisa a kusan -65 ko abin da ya fi haka ƙarfi. Wasu rautocin kashi cikin ɗari suke nunawa, 100, 75, 50, 25, kuma kowane kamfani da abin da yake nufi da su, don haka kada ka yi lissafi da lambar, auna da waya.

Gaskiyar magana, rage ƙarfi shi kaɗai ba ya ƙara wa intanet gudu, kuma mutanen ƙasan bene canza lambar sirri ne ya sallame su gaba ɗaya. Amfanin ragewar shi ne wayifai ya tsaya iya inda ake buƙatarsa, ya daina jan na nesa, ya kuma rage wa maƙwabta hayaniya. Wanda ya zarce wurin ragewa kuma zai gani a ƙananan na'urori tun kafin kwamfuta: na'urar cirar kuɗi ta yanke ana tsakiyar ciniki, kuɗi ya fita rasit bai fito ba, ka shiga rigima da mai kati.

Kawu ya ce to a gida fa, can Sabuwar Unguwa, inda rauta take zaure, sashen su Inna ba ya samu ko an kai ta High? Na ce masa wannan ba maganar saiti ba ce. Tsakanin zaure da ɗakinta akwai bango uku, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa, kuma ƙarfe da ruwa duk suna tare siginal. Ko a mai da rautar tsakiyar gida a ɗaga ta sama da tsayin mutum, ko a ja kebul a sa ta biyu a sashen nata. In an sa ta biyu, ɗaya ta zauna a tasha ta 1 ɗaya a ta 11, kuma dukansu a rage masu ƙarfi, in ba haka ba wayar da ta kama ta zaure za ta riƙe ta har cikin ɗaki, ga wata rautar a saman kanta ta ƙi komawa.

Akwai masu canza Region ko Country zuwa wata ƙasa don wai ƙarfi ya ƙaru. Kada ka yi. Zangon wayifai a Nijeriya hukumar sadarwa ta NCC ke tsara amfani da shi, sannan ko a aikace, canjin yakan buɗe tashoshin da wayoyin gidanka ba sa nema.

Girman ƙunshi, inda ainihin ciwon yake

Bayan duk wannan, wayifai ya yi lafiya, amma hoto bai ɗoru ba. Shafin cike fom yana buɗewa, a rubuta suna a wuce, saƙon WhatsApp yana shiga yana fita. Ana zuwa ɗora hoton fasfo sai abin ya yi ta juyi har ya gaji. In ka ga ƙananan abubuwa suna wucewa manya suna maƙalewa, kuma ko da kebul haka ne, MTU za ka fara tuhuma.

Duk abin da ka aika ta intanet yanka shi ake yi ƙunshi ƙunshi. MTU shi ne girman ƙunshi mafi girma da hanya za ta ɗauka a tafi ɗaya, ana ƙirga shi da bait. A kebul na gida 1500 ne. Amma wasu layukan suna naɗe kowane ƙunshi cikin tasu takardar kafin su wuce da shi, takardar kuma tana cin wuri. Layin da ake shiga da PPPoE, mai suna da lambar sirri, yana cin bait 8, shi ya sa nasa 1492 ne. Layukan sim sukan ci fiye da haka, kuma ba lamba ɗaya ba ce ga kowane kamfani.

Kamar lungunan cikin gari ne. Mai babur ya wuce, mai ƙafa ya wuce, kura mai lodin katifa ta zo ta cije. Saƙon rubutu bai kai bait ɗari biyu ko uku ba, ko ta wace ƙofa zai bi. Hoton fasfo mai kilobait 50 kuwa ƙunshi kusan 35 ne, kowanne cike har baki. A ƙa'ida, na'urar da ƙunshi ya yi wa girma a hanya tana maido da saƙo cewa a rage, kwamfuta ta rage ta sake aikawa. Amma hanyoyi da yawa suna toshe irin wannan saƙon, sai ƙunshin ya faɗi shiru. Kwamfuta ta sake aika shi da girmansa, ya sake faɗuwa, ita ba ta san dalili ba. Juyin da Kawu ke gani ke nan.

Wanda ya haɗa masu tun farko ya saita modem ɗin rufi ya riƙa miƙa layi kai tsaye ga rautar kanta, abin da ake rubutawa Bridge Mode, don haka nauyin sanin girman ƙunshi ya dawo kanta. Ya sa mata lambar da ta dace, auta ya goge.

Ga yadda ake nemo lambar. Bar MTU na rautar a 1500 tukuna, don in ka rage shi kafin gwaji, iyakar da ka sa da hannunka za ka auno, ba ta layin ba. Hau kebul, ka rubuta:

```
ping -f -l 1472 8.8.8.8
```

Alamar `-f` tana cewa kada a yanka ƙunshin a hanya, `-l` kuma girmansa ne. An fara daga 1472 ne saboda shi kansa gwajin yana ɗora bait 28 na adireshi a kai, 20 da 8, ka ga 1472 da 28 sun ba da 1500. A Linux umarnin shi ne:

```
ping -M do -s 1472 8.8.8.8
```

Amsa iri uku ce. In ka ga `Reply from 8.8.8.8`, ya wuce. In ka ga `Packet needs to be fragmented but DF set.`, ya yi girma kuma an faɗa maka. In ka ga `Request timed out.` alhali ƙaramin gwaji yana wucewa, ya yi girma kuma ba wanda ya faɗa maka, wannan ita ce mai cutarwa, ita muka gani. Ka fara tabbatar da cewa `ping 8.8.8.8` zalla yana amsawa, don kada ka ɗauki yankewar sabis a matsayin girman ƙunshi.

Kada ka riƙa rage ɗaya ɗaya, za ka kwana a nan. Yi tsalle ƙasa, sannan ka riƙa raba tazarar. Mu 1472 ya faɗi. Na sauka 1372, ya wuce. Na hau 1422, ya faɗi. 1400 ya wuce. 1410 ya faɗi, 1404 ya faɗi, 1401 ma ya faɗi. Mafi girman da ya wuce 1400 ne, a ƙara 28, MTU na layin 1428 ke nan. Mantuwa da wannan 28 ɗin ita ce kuskuren da aka fi yi. Wanda ya manta ya rubuta 1400 bai yi ɓarna ba, ɗan wuri kaɗan ya bari. Wanda ya ƙara ta sau biyu ya rubuta 1456 ya koma gidan jiya.

Wurin rubutawa yana ƙarƙashin Network, sai WAN ko Internet, a gaban MTU Size. Na sa 1428, na danna Save, na kashe rautar na kunna. Ba sai an bi kwamfutoci ɗaya ɗaya ba, don yawancin rautocin gida, da zarar ka rage wannan lambar, su suke gaya wa ɓangarorin biyu su rage girman abin da suke aikowa tun a gaisuwar farko. Matar da ke zaune kan benci tun safe da ɗanta, ita aka fara gwadawa da hotonsa. Ya ɗoru kafin auta ya ɗauke hannu daga linzami.

In taka rautar ba ta yin haka, ko ba ta da wurin MTU sam, ana iya sa shi a kwamfutar. Buɗe Command Prompt da Run as administrator:

```
netsh interface ipv4 show subinterfaces
netsh interface ipv4 set subinterface "Wi-Fi" mtu=1428 store=persistent
```

Layin farko zai nuna maka sunan da za ka sa cikin alamar zance, don na kebul Ethernet ne ba Wi-Fi ba. Ka tuna ka mayar 1500 in laftof ɗin ya bar wannan layin.

Kada kuma tsoro ya sa ka zabge lambar ƙasa sosai. Kowane ƙunshi yana ɗauke da bait 40 na adireshi da lissafi, ko babba ne ko ƙarami. A 1500 wannan bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, a 576 ya kusa kashi 7, ga ƙunshin sun ninka fiye da biyu, ƙaramar rauta tana haƙilon ƙirga su. Ƙasa da 1280 kuma sabon tsarin adireshin intanet, IPv6, ba ya aiki ko kaɗan, don wannan ce iyakarsa ta ƙasa. Mai amfani da VPN ya sani cewa shi ma wata takardar naɗi ce a kan ta layi, don haka in komai yana tafiya sai an kunna shi abu ya cije, a cikin manhajar VPN ɗin za a rage, ba a rauta ba.

A shafin Advanced na wayifai za ka ga Fragmentation Threshold da 2346 a gabansa, da RTS Threshold mai 2346 ko 2347, da Beacon Interval mai 100. Na farkon yana kama da MTU a ido amma ba shi ba ne, yankan da ake yi a iska ne tsakanin waya da rauta, bai san da layin waje ba. Rage shi ba ya gyara ɗora hoto, gudu kawai yake ci. Bar su ukun yadda ka same su.

In ka riga ka ɓata

In wayifai ya ɓace bayan Save, hau kebul ka mayar da abin da ka canza na ƙarshe. In intanet ne ya tsaya bayan ka taɓa MTU, shafin rautar zai buɗe duk da haka, don lambar ta ƙofar waje ce, ba ta cikin gida ba. Ɗan ramin Reset da ke baya, wanda ake dannawa da tsinke kamar daƙiƙa 10, shi ne na ƙarshe, saboda yana share komai: sunan wayifai, lambar sirri, sunan shiga na PPPoE, da saitin layin data da ake kira APN in rautar mai sim ce. Kada ka danna shi sai waɗannan suna rubuce a gabanka ko kana da fayil ɗin Backup.

Kafin in tafi na yagi takarda na rubuta 20MHz, tasha 11, Middle, 1428, da kwanan wata, na manna a ƙarƙashin rautar da salatif. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa in an canza sim zuwa wani kamfani a sake gwajin MTU, in kuma sabon shago ya buɗe a benen a sake duba tasha. Kawu ya sa na canza lambar shiga shafin rautar, ya karɓi takardar da na rubuta ta ya naɗe ya sa a aljihun gaban rigarsa, auta yana kallo.